Kashi Ɗaya Cikin Sittin na Sakan: Tarihin Alƙalin da Ke Cikin Wasannin Bin Kiɗa

A gidajen wasannin na'ura na Tokyo da Osaka akwai wani wasa mai suna *beatmania IIDX*. Mai wasa yakan tsaya gaban maɓallai bakwai da faifai ɗaya, alamomi na gangarowa daga saman allo kamar ruwan sama, shi kuwa aikinsa ya danna maɓallin da ya dace a daidai lokacin da kowace alama ta taɓa wani jan layi da ke ƙasa. Waƙa ɗaya ta minti biyu tana iya ɗaukar alamomi fiye da dubu ɗaya da ɗari biyar, kuma kowace daga cikinsu sai an yanke mata hukunci. Hukunci mafi girma ba ya samuwa sai yatsa ya sauka cikin kusan kashi ɗaya cikin sittin na sakan, gaba ko baya, daga lokacin da aka tsara. Ƙiftawar ido ta ninka wannan tsawo sau da yawa.

Wannan adadi, kashi ɗaya cikin sittin, ba wani masanin kiɗa ne ya gano shi ba, ba kuma likitan kunne ne ya ce nan iyakar jin ɗan Adam take ba. Gado ne daga talabijin. Tarihin yadda wasannin bin kiɗa ke auna lokaci tarihi ne na yadda wani ma'auni da aka samu bisa larura ya rikiɗe ya zama doka, yadda gwanaye suka tilasta aka ƙara matse shi, da yadda canjin talabijin ya kusa rushe shi baki ɗaya.

Abin da na'ura ke yi a zahiri

Na'urar ba ta jin kiɗa. Ba ta san daɗin ganga ba, ba ta san inda mawaƙi ya ja numfashi ba. Abin da take da shi jadawali ne wanda wani mutum ya rubuta tun da farko, inda aka ce alama kaza tana kan bugu kaza. Daga saurin waƙar ake mayar da bugu zuwa lokaci, ana ƙirgawa da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan.

A ɗauki waƙa mai bugu 150 a minti. Minti ɗaya milisakan 60,000 ne, don haka tsakanin bugu da bugu akwai milisakan 400. Alamar da ke zuwa bayan bugu 32 sun wuce, lokacinta shi ne 32 sau 400, wato milisakan 12,800 daga farkon ƙirgen. Idan mai wasa ya danna a milisakan 12,824, na'ura za ta debe wancan daga wannan, ta sami 24. Ya makara ke nan da milisakan 24. Da ya danna a 12,780, da ta sami ragin 20, wato ya yi gaggawa.

Daga nan sai a kai wannan rata ga ma'auni. Kowace alama tana da tagogi da aka jera ɗaya cikin ɗaya, kamar ƙwarya cikin ƙwarya. Ta tsakiya ita ce mafi ƙanƙanta kuma mafi daraja, ta wajenta ta fi faɗi amma ladanta bai kai ba, har a kai ga ta ƙarshe, wadda duk abin da ya wuce ta an rasa shi. Lissafin bai wuce haka ba. Duk gardamar da aka yi shekara da shekaru tana kan tambayoyi uku ne: faɗin kowace taga, nawa za a biya kan kowace, da kuma agogon wa za a amince da shi.

1996: alƙalin da ba ya bayani

A watan Disamba na 1996 kamfanin Sony ya fitar da *PaRappa the Rapper* a Japan, a kan na'urar PlayStation. Mawaƙi Masaya Matsuura da kamfaninsa NanaOn-Sha ne suka tsara shi, kuma galibi daga kansa ake fara ƙirga tarihin wannan nau'in wasa. Tsarinsa na bayarwa da amshi ne: malami ya rera layi, mai wasa ya maimaita ta hanyar danna maɓallai bisa alamomin da ke saman allo.

Sai dai wasan bai gaya wa mai wasa hukuncin kowane danni ɗaya-ɗaya ba. A gefen allo akwai matakai huɗu, Cool da Good da Bad da Awful, kuma mutum na hawa ko sauka gwargwadon yadda layukansa suka fito. Wanda ya ƙare waƙa a Good ya haye. Wanda ke son Cool kuwa, bin malami sau da ƙafa ba zai kai shi ba, sai ya ƙara nasa salon a kan kiɗan, ya cusa danni inda ba a rubuta ba amma ya zauna daidai da bugu. A lokacin sai malamin ya bar masa fage.

Wannan alƙali ya fi kama da makaɗin da ke kallon mai rawa ya gyaɗa kai ko ya ɓata fuska. Yana da daɗin sha'ani, amma wanda ya faɗi ba ya sanin ko gaggawa ya yi ko makara. Ga wasan gida wannan ba babbar matsala ba ce. Ga na'urar da ake jefa wa kuɗi kafin kowane zagaye kuwa, mai biya yana son sanin laifinsa.

1997 da 1998: hukunci kan kowace alama

Shekara guda bayan haka, a Disamba 1997, kamfanin Konami ya kai *beatmania* gidajen wasa, da maɓallai biyar da faifai ɗaya. A nan ne aka kafa tsarin da kusan kowa ya bi daga baya. Alamomi na gangarowa zuwa layi, kuma da zarar an danna sai kalma ta bayyana a tsakiyar allo: GREAT, ko GOOD, ko BAD, ko POOR. Akwai kuma wata ma'aunar rai da ke cika da kyakkyawan danni, tana raguwa da mummuna, kuma sai ta kai wani matsayi a ƙarshen waƙa ake cewa an haye. Bugu da ƙari, kowane maɓalli yana fitar da wani yanki na sautin waƙar, ta yadda wanda ya makara zai ji makararsa da kunnensa tun kafin ya karanta hukuncin.

A 1998 Konami ta mayar da wannan tsari ƙarƙashin ƙafa da *Dance Dance Revolution*, inda kibau huɗu ke hawa sama, mai wasa na taka su a kan dandamali. Matakan hukuncinsa na farko biyar ne: PERFECT, GREAT, GOOD, BOO da MISS. A 1999 kuma *beatmania IIDX* ya fito da maɓallai bakwai.

A nan ne talabijin ya shigo cikin maganar. Allunan wancan zamani masu ƙaton baya, irin na tsarin Japan da Amurka, suna sabunta hotonsu kusan sau sittin a sakan. Kowane hoto ɗaya ana kiransa firam, kuma tsawonsa milisakan 16.67 ne. Manhajojin wasa na lokacin an gina su ne a kan wannan bugun zuciya: a kowane firam na'ura ta duba maɓallai, ta matsar da alamomi, ta zana sabon hoto, sannan ta jira na gaba. Wasan da aka gina haka ba ya ganin abin da ke tsakanin firam biyu. Mutum biyu da suka danna da ratar milisakan goma a tsakaninsu, idan duk sun faɗa cikin firam ɗaya, a wurin na'ura lokaci guda suka danna.

Saboda haka da firam aka yanka tagogin. Alƙaluman da 'yan wasa suka auna suka kuma yaɗa game da *IIDX* sun nuna haka ƙarara: taga mafi daraja kusan milisakan 16.67 ce gaba da baya, wato firam ɗaya. Ta biyu 33.33, firam biyu; GOOD na kaiwa 116.67, firam bakwai. BAD kuma 250, firam goma sha biyar. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya yi kama da adadin da mutum zai zaɓa da kansa, sai an raba shi da 16.67 sannan dalilinsa ya fito.

Da gwanaye suka cika tagar

Masu tsara *Dance Dance Revolution* sun sa wa babban hukuncinsu suna PERFECT, wato abin da babu na sama da shi. Cikin 'yan shekaru sai aka sami mutanen da ke taka waƙa tun daga farko har ƙarshe ba tare da sun sami komai ba sai PERFECT. Idan mutum biyu suka yi haka a gasa, na'ura ba ta da abin da za ta raba su da shi. Ma'aunin ya ƙare, alhali bambancin gwaninta bai ƙare ba.

Maganin da Konami ta kawo shi ne ta buɗe wata ƙaramar taga a cikin ta da. A *DDR Extreme* na Disamba 2002 aka ga hukuncin MARVELOUS, da farko a jerin waƙoƙin da ake takawa a jere ba hutu, kafin *SuperNOVA 2* na 2007 ya shigar da shi wasan yau da kullum. Faɗinsa kusan rabin na PERFECT ne. Hikimar tana cikin yadda aka biya shi. Makin waƙa gaba ɗaya miliyan ɗaya ne, ana raba shi ga yawan takun, kuma PERFECT na samun abin da MARVELOUS ke samu in ban da maki goma kacal. Ɗan koyo ba zai ma lura da wannan ragi ba. Amma wanda ya taka kibau ɗari biyar, bakwai daga ciki suka zo PERFECT sauran duka MARVELOUS, zai tashi da 999,930, kuma shi da abokan hamayyarsa duk sun san abin da waɗannan maki saba'in ke nufi. Da ma'auni ɗaya aka gamsar da mai neman nishaɗi da mai neman kambu.

*IIDX* ya bi hanya mafi tsanani. Babban hukuncinsa GREAT ne mai walƙiya, wanda ake rubutawa PGREAT a takardar sakamako, kuma makin da gwanaye ke kallo, EX SCORE, ana lissafa shi haka:

```
EX SCORE = (PGREAT × 2) + (GREAT × 1)
```

GOOD ba ya kawo ko maki ɗaya, duk da cewa ba ya katse jerin alamomin da mutum ya samu a jere. Daraja kuwa ana yanke ta da kashi tara na cikakken maki: A tana farawa daga shida cikin tara, AA daga bakwai, AAA daga takwas.

A ɗauki waƙa mai alamomi 1,800. Cikakken makinta 3,600 ne, don haka AA tana kan 2,800, AAA kuma tana kan 3,200. Mai wasa na farko ya sami PGREAT 1,420, GREAT 350, GOOD 30, bai rasa ko alama ɗaya ba. Makinsa 2,840 a tara da 350, wato 3,190. Ya tsaya a AA, saura maki goma. Na biyu ya sami PGREAT 1,500 da GREAT 220, amma alamomi 80 sun kuɓuce masa a wuraren da waƙar ta cunkushe. Makinsa 3,220, ya sami AAA. Mai kallo daga baya zai rantse na farko ya fi, domin kunnensa bai ji ɓaraka ko ɗaya ba, amma ma'aunin ba tsabtar waƙa yake saye ba, matsewar lokaci yake saye. Har ma da a ce wani na uku zai sami GREAT a kan dukkan alamomi 1,800, bai taɓa kaucewa da fiye da kashi ɗaya cikin talatin na sakan ba, makinsa rabin cikakke ne kawai, wanda bai kai biyar cikin tara na darajar B ba. Da C zai tashi.

Wannan ne ya sa wasan ya raba tambayoyin gida biyu. Ma'aunar rai ce ke cewa ko mutum ya haye waƙar, kuma alamomin da aka rasa ne suka fi cin ta. Daraja kuwa tana magana ne kan daidaito. Ana iya samun AAA a faɗi waƙar, ana kuma iya haye ta da daraja maras kyau.

Ba kowa ne ya zaɓi wannan hanya ba. *Guitar Hero*, wanda kamfanin Harmonix na Amurka ya tsara ya fito a 2005, taga ɗaya tak ya yi amfani da ita: ko an samu ko an rasa. Ladan gwaninta yana zuwa ne ta ninka maki, har sau huɗu, ga wanda ya daɗe bai yi kuskure ba. Wasa ne da aka yi domin falo da baƙi, kuma ma'auninsa ya dace da hakan.

Ranar da talabijin ya fara makara

Tsohon talabijin mai ƙaton baya yana da wata baiwa da ba a san darajarta ba sai da aka rasa ta: yana zana hoto kusan a daidai lokacin da saƙon ya iso shi. A tsakiyar shekarun 2000, da allunan zamani marasa kauri suka shiga gidaje, sai abin ya canza. Irin wannan allo yana karɓar hoto, ya adana, ya gyara girmansa, ya tace launinsa, sannan ya nuna. Wannan aiki na iya cin firam biyu, uku ko fiye. Sauti ma idan ya bi ta na'urar ƙara murya yana iya samun nasa jinkirin dabam. Ko iska tana da nata kaso, domin sauti na tafiyar kusan mita 343 a sakan, don haka wanda ya zauna mita uku daga lasifika yana jin kowane bugu bayan kusan milisakan tara.

Alƙalin da ke cikin na'ura bai san da wannan ba. Agogonsa na tafiya daidai, mai wasa ne ke kallon abin da ya riga ya wuce. A ɗauki gwanin da danninsa ba ya kauce wa abin da yake gani da fiye da milisakan 15, gaba ko baya. A tsohon allo kusan duk danninsa a tagar tsakiya zai faɗa. A sabon allo mai jinkirin milisakan 40, danninsa zai faɗa tsakanin 25 da 55 a makare. Hannunsa bai canza ba ko kaɗan, amma babu ko ɗaya da zai shiga tagar 16.67, kuma fiye da rabi za su wuce ta 33.33 ma.

Daga wannan matsala ne 'yan wasa suka koyi raba kuskure iri biyu da a da ake haɗa su. Akwai karkata, wato dukkan danni su taru a gefe ɗaya, ko gaba ko baya. Akwai kuma warwatsuwa, wato danni su bazu ta kowane gefe. Hanyar ganewa ita ce a ƙirga. Idan cikin kuskure ɗari, casa'in duk makara ne, to akwai jinkiri a kayan aiki ko wata ɗabi'a tabbatacciya a hannun mai wasa, kuma ana gyara wannan da saiti, a matsar da agogon hukunci da adadin da ya dace. Idan kuwa hamsin gaggawa ne hamsin makara, babu saitin da zai taimaka, sai atisaye. Shi ya sa wasannin Konami na baya suka ƙara kalmomin FAST da SLOW kusa da hukunci, suna kuma nuna jimillarsu a ƙarshen waƙa.

*Guitar Hero II* na 2006 ya zo da shafin daidaita jinkiri, inda mai wasa ke kaɗawa tare da alama har na'ura ta ƙiyasta ratar. Sai dai a nan ma akwai tarko. Masu binciken halayyar ɗan Adam sun daɗe da sanin cewa idan aka ce mutum ya riƙa ƙwanƙwasa yatsa tare da bugu mai maimaituwa, yawanci yakan riga bugun da 'yan gomomin milisakan ba tare da ya sani ba, kuma ratar takan ragu a wurin horarrun makaɗa. Dalili kuwa, bin kiɗa hasashe ne. Martani ga abin da ido ya gani yana cin kusan kashi ɗaya cikin biyar na sakan ko fiye, wanda ya ninka tagar tsakiya sau goma sha biyu, don haka babu mai jiran alama ta iso kafin ya motsa. Gwajin da ya dogara da hannun mutum yana auna jinkirin allo ne haɗe da ɗabi'ar mutumin. Harmonix ta kauce wa wannan a *Rock Band 2* na 2008 ta hanyar saka na'urar gane haske da ƙaramin makirufo a jikin gitar wasan. Mai wasa ya ɗaga gitar gaban allo ko kusa da lasifika, ita ce za ta gani ta kuma ji, ta auna jinkirin hoto da na sauti kowanne dabam.

Daga firam zuwa milisakan

A kan kwamfuta, inda allo ba shi da gudu guda ɗaya tabbatacce, ƙirga firam ba shi da ma'ana. *StepMania*, manhajar kyauta da Chris Danford ya fara a 2001 domin kwaikwayon wasan rawa na Konami, da lokaci kai tsaye ta rubuta tagoginta: milisakan 22.5, 45, 90, 135 da 180 a saitinta na asali. Kowa na iya buɗe fayil ya gani, ya kuma canza. Alƙalin da a da sai an yi masa leƙen asiri, yanzu dokarsa a rubuce take.

*osu!*, wanda Dean Herbert na Ostareliya ya fitar a 2007 bisa salon wasan *Osu! Tatakae! Ouendan* na Nintendo DS, ya ƙara taki ɗaya. Ya bar wa mai tsara jadawalin kowace waƙa ya zaɓi tsananin hukunci da wata lamba mai suna OD, daga 0 zuwa 10, sannan tagogin su fito daga lissafi, a milisakan, gaba da baya:

```
300: 80 − 6 × OD
100: 140 − 8 × OD
50:  200 − 10 × OD
```

A OD 8, tagar 300 milisakan 32 ce, ta 100 kuma 76, ta 50 kuwa 120. Yanzu a dawo ga dannin nan na farko da ya makara da milisakan 24. A ma'aunin *IIDX* ya wuce 16.67, don haka GREAT ne, rabin lada. A *StepMania* ya wuce 22.5 da milisakan ɗaya da rabi, ya sauka mataki na biyu. A *osu!* mai OD 8 kuwa cikakken 300 ne. Yatsa ɗaya, lokaci ɗaya, hukunci uku.

Yadda ake mayar da hukunce-hukuncen zuwa daraja ma zaɓi ne. A *osu!* ana tara darajar kowane danni a raba da abin da za a samu da duka 300 ne. A ɗauki waƙa mai alamomi 500, cikakkenta 150,000. Wata mai wasa ta sami 300 sau 460, 100 sau 32, 50 sau 4, ta rasa 4. Jimilla 141,400, wato kashi 94.27 cikin ɗari. Wani kuma ya sami 300 sau 455 da 100 sau 45, bai rasa komai ba. Jimillarsa 141,000, kashi 94 daidai. Ita ta fi shi daidaito. Amma a tsarin wasan na asali, darajar S tana buƙatar fiye da kashi 90 na danni su zama 300, kada 50 su wuce kashi ɗaya, kuma kada a rasa ko alama ɗaya. Shi zai sami S, ita kuwa A. Wannan kishiyar abin da ya faru ne a misalin *IIDX*, inda wanda ya rasa alamomi tamanin ya doke wanda bai rasa ba. Kowane wasa ya yanke wa kansa abin da ya fi ƙi, ɗaya ya fi ƙin sakaci da lokaci, ɗaya ya fi ƙin ɓaraka.

Wasan ya kuma ba warwatsuwa lambarta ta kanta, mai suna Unstable Rate, wadda ke auna yadda danni suka bazu kewaye da matsakaicinsu, ba tare da kula da inda matsakaicin ya faɗa ba. Mai ƙaramar lamba a nan amma maras kyawun sakamako ya san saitinsa ne ke da matsala, ba hannunsa ba.

Bakin taga

Duk tsarin tagogi yana da aibi ɗaya da ba ya rabuwa da shi, wato bakin taga. A *StepMania*, wanda ya makara da milisakan 22 da wanda ya makara da 23 sun sami hukunci dabam, alhali wanda ya makara da 1 da wanda ya makara da 22 an ɗauke su ɗaya. *Etterna*, wani reshe da ya tsiro daga *StepMania* domin masu wasa da allon rubutu na kwamfuta, ya amsa wannan da tsarin da ya kira Wife. Maimakon matakala, sai aka yi gangara: ladan kowane danni yana raguwa a hankali gwargwadon nisansa daga tsakiya, milisakan bayan milisakan. Kalmomin hukunci na nan suna bayyana a allo, amma ba su ne ke yanke maki ba. Daraja na fitowa daga jimillar, AA daga kashi 93, AAA daga kashi 99.7.

A gidajen wasa na Japan kuwa, canjin ya zo ne ta kayan aiki. A Disamba 2019 Konami ta fitar da sabuwar na'urar *IIDX* mai suna Lightning Model, wadda allonta ke sabunta hoto sau 120 a sakan. Firam ɗaya ya koma milisakan 8.33, rabin na da. Da za a bi dalilin farko, da sai tagar tsakiya ma ta rabe biyu. Ba a yi haka ba. Faɗinta ya tsaya kusa da inda yake, sai dai yanzu ana auna shi da ma'auni mafi laushi. Shekara ashirin na sakamako, da darajoji, da hannayen da suka horu a kan wannan faɗi, sun fi ƙarfin a taɓa shi. Talabijin ɗin da ya haifi adadin ya daɗe da barin kasuwa, amma duk wanda ya tsaya gaban maɓallan nan bakwai a yau, da gudun hotonsa ake yi masa shari'a.